Cacar Hanyar Nasara da Cacar Turmi a Damben Boksin da na MMA: Inda Haɗarinsu Ya Bambanta

Kamfanonin cacar wasanni ba sa tsayawa a kan tambayar wane ne zai yi nasara a dambe. Sukan buɗe wasu kasuwanni biyu a gefenta: ɗaya ta hanyar da za a bi a yi nasarar, ɗayar kuma ta turmin da damben zai ƙare a cikinsa. Kuɗin da ake alkawarin biya a waɗannan kasuwanni ya fi na cacar mai nasara yawa, wani lokaci da ninki goma, shi ya sa suke jan hankali. Sai dai yawan kuɗin yana da dalili. Duk sharaɗin da aka ƙara a kan tikiti yana rage damar cinsa, kuma yana ba kamfani wurin ƙara nasa kason. Yadda wannan haɗari yake bayyana a damben boksin daban ne da yadda yake bayyana a damben MMA, wanda ya haɗa naushi da shuri da kokawa, domin dokokin wasannin biyu ba ɗaya ba ne.

Musulunci ya haramta caca, kuma jihohin da ke aiki da shari'a irin su Kano sun hana ta. Duk da haka wayar hannu ta kai waɗannan kasuwanni ko'ina, musamman a daren da Anthony Joshua ko Kamaru Usman ko Francis Ngannou za su shiga fili. Sanin lissafin da ke ƙarƙashinsu shi ke bayyana dalilin da ya sa yawancin tikitocin suke faɗuwa.

Yadda dambe yake ƙarewa

Damben kambu na maza a boksin turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Jimillar lokacin faɗan minti 36 ke nan. A gasar UFC, wadda ita ce babbar gasar MMA, dambe na yau da kullum turmi uku ne na minti biyar-biyar, na kambu da babban damben dare kuma turmi biyar.

A boksin, nasara takan zo ta manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a gama kafin cikar lokaci: ko dai kisa, wato ɗan dambe ya faɗi ya kasa tashi har alƙalin wasa ya ƙirga goma, wanda ake rubuta shi KO a allo, ko alƙalin wasa ko likita ko masu horar da ɗan damben su dakatar da faɗan don ya jigata, wanda ake rubuta shi TKO. Ta biyu ita ce a kai ƙarshen turmi na ƙarshe, alƙalan maki uku su yanke hukunci. Bayan waɗannan akwai canjaras, da korar ɗan dambe saboda keta doka, wadda ake rubutawa DQ.

MMA yana da duk waɗannan, sannan ya ƙara hanya ta uku: miƙa wuya. Idan aka shaƙe ɗan wasa ko aka murɗe masa hannu ko ƙafa, yakan bubbuga tafinsa a jikin abokin karawa ko a ƙasa, alƙalin wasa ya raba su nan take.

Wannan bambanci yana sauya yawan zaɓin da ke gaban mai caca. A kasuwar hanyar nasara ta boksin galibi zaɓi biyar ne: kowane ɗan dambe da kisa ko da maki, sai canjaras. A ta MMA bakwai ne, tunda kowannensu yana da hanya uku. A kasuwar turmi kuwa lamarin juyawa yake yi. Damben boksin mai turmi 12 yana ba da zaɓi 27: turmi 12 ga kowane ɗan dambe, da maki ga kowannensu, da canjaras. Damben MMA mai turmi uku zaɓi tara kacal yake bayarwa. Wato wahalar boksin tana wajen gano lokacin, ta MMA kuma tana wajen gano hanyar.

Lissafin da ke bayan farashi

Lambar da kamfani ke sa wa kowane zaɓi, wadda masu caca ke kira od, ita ake ninka kuɗin mutum da ita idan ya ci. Od 2.00 a kan Naira 1,000 yana mayar da Naira 2,000. Idan aka raba 100 da od ɗin, za a ga damar da farashin yake nunawa: 2.00 yana nufin kashi 50 cikin ɗari, 5.00 kuma kashi 20. Da a ce kamfani ba ya cin riba, jimillar damar duk zaɓuɓɓukan dambe ɗaya za ta tsaya a kan 100 daidai. Abin da ya hau kan 100 shi ne kason kamfani.

A ɗauki misalin damben boksin tsakanin gwani da mai ƙalubalantarsa, da farashin da aka ƙirƙira don bayani kawai. A kasuwar mai nasara, gwani yana 1.40, mai ƙalubale yana 3.00. Na farko kashi 71 da ɗoriya ne, na biyu kashi 33, jimilla kusan 105. Ma'anarsa, a kan kowace Naira 100 da jama'a suka zuba, kimanin Naira 95 ce za ta koma hannunsu idan tafiya ta yi nisa.

Sai a leƙa kasuwar hanyar nasara ta wannan damben. Gwani da kisa 2.20, gwani da maki 3.00, mai ƙalubale da kisa 5.00, mai ƙalubale da maki 8.00, canjaras 17.00. Idan aka juya su zuwa kashi aka tara, za su kai 117. Yanzu Naira 85 ce ke komawa daga kowace 100. Dambe bai sauya ba, 'yan damben ma su ne dai, amma kason kamfani ya ninka sau uku, kuma ba ya fitowa fili saboda an rarraba shi a kan zaɓi biyar. Haka abin yakan kasance a aikace: gwargwadon yawan zaɓi a kasuwa, gwargwadon faɗin kason.

A kasuwar turmi lamarin ya fi tsanani. A ce damar gwani ta yin kisa a duk tsawon damben kashi 40 ce. Wannan kashi 40 zai rabu ne a kan turmi 12, kuma turmin da ya fi kowanne samun rabo bai wuce ya samu kashi 6 ba. Farashin adalci na kashi 6 ya kusa 17.00, amma kamfani ya sa 13.00. Wanda ya yanki irin wannan tikiti sau 100 a kan Naira 1,000 ya kashe 100,000, ya ci sau shida, ya karɓi 78,000. Ko bayan wannan asarar, akwai tsawon jira: idan dama kashi 6 ce, yiwuwar mutum ya faɗi sau goma a jere ta fi rabi. A irin wannan jiran ne mutane kan fara ƙara kuɗi don su maido da abin da ya tafi, wanda shi ne mafarin babbar asara.

Haɗarin boksin: tsawon lokaci da hukuncin mutane

Karawa biyu da aka yi tsakanin Anthony Joshua da Andy Ruiz a 2019 sun nuna yadda hanyar nasara take zamewa ko ga wanda ya san 'yan damben. Kafin haɗuwar farko a Madison Square Garden da ke New York, ranar 1 ga Yuni, Joshua ya yi dambe 22 ya cinye duka, 21 daga ciki kafin cikar lokaci. Ruiz kuwa shigowa ya yi a madadin Jarrell Miller, wanda aka samu da haramtattun ƙwayoyi a jikinsa, makonni kaɗan kafin ranar. Tambayar da ta rage a bakin jama'a ita ce a wane turmi Joshua zai gama da shi.

A turmi na uku Joshua ya kai Ruiz ƙasa. A wannan daƙiƙar, mai tikitin Joshua a turmi na uku ya ga kuɗinsa saura ƙiris. Ruiz ya miƙe kafin a ƙirga goma. Joshua ya yi kansa don ya ƙarasa shi, sai ya ci karo da naushin hagu a gefen kai, ƙafafunsa suka saki. Kafin turmin ya ƙare Joshua ya faɗi sau biyu. Ya lallaɓa ya kai turmi na bakwai, ya sake faɗuwa sau biyu, alƙalin wasa ya tsayar da damben.

Abin lura a nan shi ne ƙirgen goma. A boksin faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba. An faɗi sau uku a turmi ɗaya, amma sai da aka ƙara turmi huɗu kafin a gama. Ko wanda ya hango cewa Ruiz zai yi kisa ba shi da hanyar sanin na uku ne ko na bakwai, domin hakan ya rataya ne a kan daƙiƙoƙin da suka rage kafin ƙararrawa, da juriyar wanda aka buga, da kuma ra'ayin alƙalin wasa game da lokacin da duka ya isa.

An sake haɗuwa ranar 7 ga Disamba a Diriyah ta Saudiyya. Mutum biyu masu nauyin hannu da suka kayar da juna sau biyar watanni shida baya, hankali zai ce wannan ma ba zai kai ƙarshe ba. Amma Joshua ya rage nauyi, ya riƙa zagaya fili yana harbin hannun gaba daga nesa, ya ƙi tsayawa a yi musayar naushi. Babu wanda ya faɗi. Bayan turmi 12 alƙalai biyu suka ba shi 118 da 110, na uku 119 da 109. Wanda ya zaɓi Joshua kawai ya ci, wanda ya ƙara masa sharaɗin kisa ya faɗi. Hanyar nasara a boksin tana bin dabarar da ɗan dambe ya shigo da ita a daren, kuma tarihin kisan da ya yi a baya ba ya faɗin wannan dabarar.

Idan dambe ya kai ƙarshe, sai haɗarin alƙalai ya shigo. Kowane turmi ana ba wanda ya ci maki 10, ɗayan 9, a rage masa ƙari idan ya faɗi. Tunda 12 yana rabuwa gida biyu daidai, kuma faɗuwa tana cin maki, canjaras abu ne mai yiwuwa. A Disamba 2018 a Los Angeles, Deontay Wilder ya kayar da Tyson Fury a turmi na 9 da na 12, Fury ya tashi duka biyun. Alƙali ɗaya ya ba Wilder, ɗaya ya ba Fury, na uku ya ce kunnen doki. Duk tikitin hanyar nasara da aka yanka wa ɗayansu, da kisa ko da maki, ya faɗi a daren.

Haɗarin MMA: ƙarshen da ba ya sallama

Safar hannun MMA galibi kusan giram 115 ce, alhali ta ƙwararrun 'yan boksin ta ninka haka sau biyu ko fiye. Ana bugu da ƙafa da gwiwa da gwiwar hannu. Mafi muhimmanci, babu ƙirgen goma. Wanda ya faɗi, abokin karawarsa zai bi shi ƙasa ya ci gaba da duka har alƙalin wasa ya shiga tsakani. Saboda haka kuskure ɗaya yakan isa. A Yuli 2019 Jorge Masvidal ya gama da Ben Askren da bugun gwiwa cikin daƙiƙa biyar.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne karawar Kamaru Usman da Leon Edwards a Salt Lake City ta Amurka, ranar 20 ga Agusta 2022. Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, yana riƙe da kambu, ya yi nasara sau 15 a jere a UFC, kuma ya taɓa doke Edwards da maki a 2015. Edwards ya ci turmin farko. Daga nan Usman ya karɓe ragama, ya matse shi a jikin keji, ya riƙa kai shi ƙasa, ya cinye turmi na biyu da na uku da na huɗu. Duk alƙalan uku suna da 39 da 37 a takardunsu. Zaɓin Usman da maki, wanda shi ne hasashen da ya fi dacewa da salon mutanen biyu, yana kan hanyar tabbata. Saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards ya nuna kamar zai kai naushin hagu, Usman ya kauda kai gefe, ƙafar hagun Edwards ta same shi a kai. Ya faɗi sumamme. An yi minti 24 hasashen yana daidai, bugu ɗaya ya rushe shi. A boksin ma ana yin kisa a turmin ƙarshe, amma wanda ke gaba da maki yana da kariyar ƙirge da damar riƙe abokin karawa har ƙararrawa ta kaɗa. MMA bai ba da wannan kariyar sosai ba.

Haɗari na biyu shi ne siririn layin da ke tsakanin kisa da miƙa wuya. A Maris 2016 a Las Vegas, Nate Diaz ya gigita Conor McGregor da naushi a turmi na biyu. McGregor ya nemi kai shi ƙasa don ya tsira, Diaz ya haye kansa yana duka, McGregor ya juya baya, Diaz ya zura hannu ya shaƙe shi, ya miƙa wuya. Naushi ne ya yi aikin, amma miƙa wuya aka rubuta. Da Diaz ya ci gaba da duka na wasu daƙiƙoƙi, ko da alƙalin wasa ya yi saurin shiga, da TKO aka rubuta. Mai caca zai iya gano mai nasara, ya gano turmin, ya gano cewa ba za a kai ƙarshe ba, amma ya faɗi saboda zaɓin da ɗan wasa ya yi cikin ƙiftawar ido.

Ta fuskar turmi kuwa, MMA ya fi sauƙin hasashe, tunda uku ne ko biyar kuma kowanne yana da faɗin minti biyar. Kamfanoni sun san da haka, don haka od ɗin turmi a MMA ba ya kai na boksin tsada. Wanda yake neman babban farashi sai ya haɗa hanya da turmi a tikiti ɗaya, kamar miƙa wuya a turmi na biyu, wanda hakan ya mayar da shi cikin irin ƙuncin da ke kasuwar turmin boksin.

Ƙa'idojin biyan tikiti

Akwai asarar da ba daga fili take zuwa ba, daga ƙa'idojin kamfani take fitowa, kuma ƙa'idojin sun bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan.

Ta farko ita ce rabin turmi. Zaɓin da aka rubuta Over 2.5 ba ya nufin a kammala turmi uku, ba ya kuma nufin a shiga na uku kawai. Yana nufin a wuce tsakiyar turmi na uku, wato minti biyu da rabi a MMA, minti ɗaya da rabi a boksin na maza. Damben MMA da ya ƙare a minti na biyu na turmi na uku yana ƙarƙashin Under 2.5 ne.

Ta biyu ita ce janyewa a lokacin hutu, wadda ake rubutawa RTD. A Disamba 2023 a Riyadh, masu horar da Otto Wallin sun hana shi fitowa bayan turmi na biyar a karawarsa da Joshua. A hukumance damben ya ƙare a na biyar, kuma kamfanoni da yawa haka suke biya, amma akwai masu ƙa'idar ɗaukar turmin da aka kasa fitowa a matsayin na ƙarshe.

Ta uku ita ce raunin da aka yi ba da gangan ba. A boksin, idan karon kai ya tsaga fuskar ɗan dambe har ya kasa ci gaba bayan an kammala turmi huɗu, dokar da aka fi bi ita ce a duba takardun alƙalai. Wannan nasara ce da maki duk da cewa ba a kai ƙarshe ba, saboda haka tikitin maki yana iya ci, na kaiwa ƙarshe ya faɗi, a dambe ɗaya. Idan abin ya faru da wuri, akan soke sakamakon, kamar yadda tsokanar ido ta sa aka soke karawar Edwards da Belal Muhammad a Maris 2021. Galibi kuɗin ake mayarwa.

Ta huɗu ita ce kora. A Maris 2021 Petr Yan ya bugi Aljamain Sterling da gwiwa a kai yana durƙushe a turmi na huɗu, aka kore shi, Sterling ya karɓi kambu. Kamfanoni da yawa suna haɗa DQ da KO da TKO a zaɓi ɗaya, don haka a wurinsu wanda aka buga shi ne ya yi nasara a rukunin kisa.

Labarin cikin gida

Kasuwannin hanya da turmi sun fi ta mai nasara saurin lalacewa da sirri, domin mutane kaɗan da suka san ɗan wasa yana da rauni za su iya hango cewa ba zai daɗe ba. Ranar 5 ga Nuwamba 2022, sa'o'i kafin karawar Darrick Minner da Shayilan Nuerdanbieke a UFC, kuɗi masu yawa suka shigo a kan cewa Minner zai faɗi, kuma da wuri. Ya shiga da ciwo a ƙafa, ya kai shuri ƙafar ta gaza, aka tsayar da damben cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Hukumar wasanni ta Nevada ta dakatar da shi da mai horar da shi James Krause, lardunan Ontario da Alberta na Kanada kuma suka tsayar da caca a kan UFC na ɗan lokaci. Alamar irin wannan ita ce farashi ya motsa da ƙarfi gab da dambe ba tare da wani labari a fili ba, musamman a ƙananan karawa. Mai kallo daga nesa shi ne na ƙarshen ji.

Idan aka jera su, cacar mai nasara ita ce mai ƙaramin kason kamfani da ƙarancin sharaɗi. Cacar hanyar nasara ta fi haɗari a MMA, saboda hanyoyin uku ne kuma biyu daga ciki suna iya fitowa daga yanayi ɗaya. Cacar turmi ta fi haɗari a boksin, saboda dama tana rarrabuwa a kan turmi 12 kuma ƙirgen goma yana iya tura ƙarshen dambe gaba da nisa. Haɗa hanya da turmi ya fi duka muni a wasannin biyu. A kowanne mataki farashi yana tashi, amma ba ya tashi daidai da yadda dama take raguwa, kuma tazarar da ke tsakani ita ce ribar kamfani.